Takardar Ɗauke Ruwa da Ban Kai Ba

Ni tela ne, kuma karatuna na boko bai wuce aji biyu na sakandare ba. Amma a lungunmu da ke bayan Ƙofar Kware, wannan ɗan karatun ya isa a mai da mutum mai karanta wa jama'a takardu. Shagona yana bakin lungu, kusa da masallaci, saboda haka duk takardar da ta zo hannun mai unguwa, ta rigakafi ce, ta shara ce, ta wuta ce, ni ake miƙa wa. In an idar da salla sai in miƙe in karanta. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan tsayuwar. Ina son yadda dattawa suke yin shiru suna saurarena.

Wanda ya koya mini karatun yana zaune a ƙarshen lungun, katangarsa manne da tawa. Baba Tica muke ce masa. Kirista ne, daga can ƙasar duwatsu ta kudu da mu ya zo Sakkwato yana saurayi, ya koyar a firamare har ya yi ritaya. Rabin mazan lungun sun ci bulalarsa. Ni ya fi duka a kan rubutu, don ya ce hannuna kamar kaza ta yi tono. Daga baya da na buɗe shago, shi ne mutum na farko da ya kawo mini ɗinki, wando biyu, ya ce yana so ya ga ko hannun ya gyaru.

Shekara biyu kafin abin da zan faɗa, ɓarin jikinsa ya shanye. Ba ya tashi, ba ya riƙe fitsari ko bayan gida, magana kuma sai kalma ɗaya biyu da matarsa kaɗai ke ganewa sosai. Ita muke kira Mama. Tsohuwa ce 'yar siririya mai saurin tafiya, ita kaɗai take jinyarsa. 'Ya'yansu duk sun watse garuruwa wajen aiki. Babban ɗansu ya daɗe yana matsa mata a kan su tattara su koma wajensa, ko kuma ƙauyensu. Ita kuwa ta ƙi, saboda Baba Tica ya ƙi. Suna da 'ya mace da ta rasu tana ƙarama, an binne ta a maƙabartar Kiristoci ta nan Sakkwato, kuma tun yana da lafiya ya sha faɗa, har a bakin shagona, cewa kusa da ita yake so a sa shi. Bayan ya kwanta, in aka ambaci tafiya sai ya juya fuska bango.

Matata ce ta gaya mini yadda suka ƙare da ɗan. Ya ce zai samu hutu ya zo ranar wata Laraba ya duba da idonsa. In ya ga uwar tana iyawa, zai bar su, ya riƙa aiko da abin da ake bukata. In ya ga aikin ya fi ƙarfinta, ba zai sake sauraren kowa ba. Mama ta gaya wa matata tana dariya cewa zai zo ya tarar da ɗaki kamar asibitin Turawa. Kuma gaskiya ce, haka ɗakin yake. Na sha shiga gaisuwa, ban taɓa jin wari ba. Ƙunzugun manya na kanti yana fesa masa ƙuraje lokacin zafi, saboda haka tsofaffin zannuwa take amfani da su, tana canzawa sau huɗu sau biyar a yini. Jinyar Baba Tica ruwa ce. Wanki ne daga safe zuwa hantsi, kusan kullum.

A nan ne rigimata da ita ta samo asali. Ruwan wankin yana fita ta rariyarsu ya biyo kwata ya wuce ta ƙofar gidana. Wani lokaci kwatar takan toshe ya kwanta. Wata rana na fito da fararen kaya zan tafi ɗaurin aure, na taka, sai na tsaya a ƙofarsu na ɗaga murya. Na faɗi maganganu a kan wari da ƙazanta, mutane suna ji. Ta fito da kumfa a hannu, ta dube ni, ta ce, "Tela, ruwan wankin malaminka ne." Da na ji kunya a lokacin na ba ta haƙuri, da an wuce wurin. Sai kunyar ta koma mini fushi. Daga ranar gaisuwarmu ta zama ta daga nesa, na daina shiga duba Baba Tica. Kusan wata biyu muna haka.

Takardar ta zo ranar Juma'a da hantsi, ana tsakiyar bazara. Mai unguwa da kansa ya kawo shagona. Daga hukumar ruwa take, gefe ɗaya Turanci, gefe ɗaya Hausa. Ta ce za a rufe ruwa daga ƙarfe shida na safiyar Litinin zuwa ƙarfe shida na yammacin Laraba, domin za a canza wani sashe na babban bututun da ke kawo ruwa daga wurin tacewa. An jera unguwannin da abin zai shafa, tamu tana ciki. An roƙi jama'a su tara ruwa kafin lokacin, su rufe kawunan famfo. An ce in an sake shi ba zai iso ko'ina lokaci ɗaya ba, gidajen da ke ƙarshen layi suna iya jira har washegari, kuma ruwan farko zai zo da laka, a bari ya zuba ko ya kwanta kafin a sha.

Mai unguwa ya sa an buga kwafi da yawa. Ya ajiye mini su kan keken ɗinki ya ce, "Wagga ba ta masallaci kaɗai ba ce. Ka bi gida-gida, kowa ka sa mai a hannu. Kwana ukku ba wasa ba ne cikin zahin ga." Na ce masa to, an gama.

Abin da na yi shi ne abin da muka saba yi. Bayan sallar Magariba na miƙe na karanta. Wani mai sayar da hatsi ya ce daga baya, yaushe aka fara neman izininmu kafin a ɗauke ruwa, ashe mun zama manya. Wani ya ce wa maƙwabcinsa kai abin bai shafe ka ba, tun da dama sai Juma'a kake wanka. Aka yi dariya. Na tsaya a bakin ƙofa ina miƙa wa kowa takarda yana fita. A lissafinmu, in an faɗa a masallaci an faɗa wa kowane gida, don kowane gida yana da namiji a sahu. Haka muke yi da suna, haka muke yi da jana'iza. Da na gama, takarda ɗaya ta rage a hannuna, kuma na san ta wane gida ce.

Ba mantuwa na yi ba. Na so in ce mantuwa ce, na ma gaya wa kaina haka na wani lokaci, amma ba ita ba ce. Na iso ƙofar gidana da takardar a hannu, ƙofarsu taku biyar ce daga nan. Na ga ruwan kwata a kwance. Na ce a raina in na shiga yanzu za ta ɗauka sulhu na zo nema. Na ce gobe na kai. Na ce ai za ta ji a rediyo, alhali na san tun da Baba Tica ya kwanta ba sa kunna rediyo, ƙara tana damunsa. Na ce ai mata za su gaya mata. Matar da ke gaya mata komai kuwa matata ce, ita kuma tana ƙauyen Kwalkwalawa tun ranar Laraba, ƙanwarta ta haihu, ta tafi da yara sai bayan suna. Sauran gidajen kowa ya ɗauka wani ya faɗa, in ma sun tuna. Washegari a shago na sa takardar a aljihun keken ɗinki, tare da allurai.

A wancan lokacin ruwa yakan zo mana yawancin safiya, daga bayan asuba zuwa hantsi. Wata rana ya ƙi zuwa, washegari ya dawo. Kowa ya saba da fashin kwana ɗaya, ba wanda yake tsorata da shi. Asabar da Lahadi lungun ya cika da ƙarar bokiti. Ni kaina na cika duro biyu da randa da jarkoki, har tukwanen matata na suna na sauke na cika. Ranar Lahadi ruwan ya daɗe yana zuba fiye da kullum, har kusan azahar.

Lahadi kuwa ita ce rana ɗaya da Mama ba ta wanki. Ranar hutu ce a wurinsu. Tun da ba ta iya barin mijinta ta je coci, mutanen cocinsu ne suke zuwa da hantsi su yi addu'a da waƙa a tsakar gida. Daga wata unguwa suke zuwa, wadda ba ta cikin jerin, ba su san komai ba. Kayan da suka ɓaci ranar takan jiƙa su a baho ta bari sai Litinin. Na san wannan, shekaru nawa muna katanga ɗaya. Ina tsaye ina cika durona na biyu ina jin waƙarsu. Tana da duro ɗaya da take amfani da shi, da wasu biyu a kife a bayan ɗaki tun zamanin da yara ke gida. Da ta sani, da ta fasa hutun ta cika su duka, ta wanke komai. Minti biyu ne zai ishe ni in leƙa in faɗa. Na ce ba daidai ba ne in shiga suna ibada. Ko wannan dalilin ma na samo wa kaina.

Litinin da safe na ji Mama ta buɗe famfo, ya yi tari ya yi shiru. Ta ɗauka fashin da aka saba ne. Ta yi wankin Lahadi da na Litinin da ruwan duronta, ba tare da tattali ba, don tana sa ran gobe. Na ga ruwan ya biyo kwata kamar kullum, na san abin da hakan ke nufi.

Talata famfo bai ko yi tari ba. Da hantsi na gan ta ta fito bakin lungu da bokiti biyu tana duban hanya, tana jiran 'yan garuwa. Ba ko ɗaya. Duk sun tattaru a rijiyoyin burtsatse inda layi ya kai titi, kuma wanda ya samu ya cika kurarsa, kafin ya yi nisa an tare shi an saye. Ba mai shigowa lungu irin namu. Ita kuma ba ta iya barin Baba Tica ta je ta bi layin awa uku. Ta tsaya a rana kusa da shagona, ni ina ciki na sunkuyar da kai ina taka keke. Ta ce, "Sannu da aiki, Tela." Na ce yauwa, sannu Mama. Ta ɗan jira, sannan ta koma.

A ranar ne matar wani maƙwabcinmu ta ba ta bokiti ɗaya na sha, ta kuma gaya mata cewa ai an yi sanarwa, sai Laraba da yamma. Wasu gidaje biyu ma sun taimaka da abin da suka iya, amma kowa yana da yara, kowa yana auna nasa. Abin da ta samu ya ishe su sha da dafa kunu da goge masa jiki. Bai ishi wanki ba.

Ni kaɗai ne a gidana, da duro biyu cike. Ni ne na fi kowa rarar ruwa a lungun. Da la'asar na cika bokiti na ɗauka har zaure, sai na ajiye. Na ce in na kai mata za ta tambaye ni yadda aka yi na san in tara, ita ba ta sani ba, ga shi ni ne mai raba takarda. Tsoron tambaya ɗaya ya sa na mayar da ruwan cikin duro. Ta katanga ina jin ƙarar kwano yana kankarar gindin duronta. Wannan ƙarar har yau in na ji irinta sai na bar abin da nake yi.

Zafin ranakun nan ba sai na kwatanta wa ɗan Sakkwato ba. Zannuwan da suka ɓaci suka taru a baho, ta rufe su da leda ta kai bayan ɗaki, amma zafi ba ya barin irin wannan ya ɓoyu. Da zannuwan suka ƙare ta fara yanka nata na ɗaurawa. Zuwa safiyar Laraba wari ya haura katanga ya shigo gidana. Wannan karon na gaske ne, ba irin wanda na yi mata sharri da shi ba.

Ɗan ya iso kafin azahar. Na ga motarsa ta tsaya a bakin lungu, ya fito da tsaraba, ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali. Mun yi wasa tare muna yara, ya girme ni da kaɗan. Bai yi minti goma a ciki ba ya fito fuskarsa ta canza. Ya kwashi jarkoki ya shiga mota, bai dawo ba sai bayan awa biyu. Ta katanga na ji shi yana magana, ba da ihu ba, a hankali, da harshensu. Ban ji abin da yake cewa ba. Na ji dai ita tana maimaita kalma ɗaya.

Ƙarfe shida ya yi, ruwa bai zo ba, kamar yadda takardar ta ce zai iya faruwa ga na ƙarshen layi. Sai Alhamis da hantsi famfo ya fara huci, ya zubo ja kamar kunun kanwa, sannan ya washe. Kafin nan ɗan ya riga ya yanke magana.

Mai unguwa ya ji labari. Shi ma ɗalibin Baba Tica ne na farko-farko, kuma bai so a tafi da shi ba. Alhamis bayan la'asar ya biyo ta shagona ya ce in zo mu je mu roƙi yaron. Na bi shi. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida. Igiya uku cike da shanya, Mama ta wanke komai tun da ruwan ya dawo, hannayenta sun yi fari. An buɗe ƙofar ɗaki, ana hango Baba Tica a kan gado, an yi masa aski.

Mai unguwa ya yi magana mai kyau. Ya ce shekara biyu ba wanda ya taɓa ganin gazawar Mama, abin da ya tarar na kwana uku ne kawai, kuma ruwa ne ya jawo. Ya ce Baba Tica namu ne, unguwa ba za ta bar shi ba. Ɗan ya saurara har ƙarshe da ladabi. Sannan ya ce shi ba ɗauke ruwan ne ya dame shi ba, ko'ina ana ɗauke ruwa. Abin da ya dame shi, ya ga kowane gida ya tara, gidansu kaɗai ne bai tara ba. Ya ce ya ga takardar manne a bangon masallaci. Uwarsa ta ce ba wanda ya gaya mata. Yana so ya sani, an gaya mata ko ba a gaya mata ba. In ba a gaya mata ba, wannan wani abu ne daban, ana iya gyarawa. In kuwa an gaya mata ta manta, to macen da ke manta irin wannan ba zai bar ta ita kaɗai da magungunan ubansa ba.

Mai unguwa ya ce ai gida-gida ya sa aka raba. Ya juyo ya dube ni. "Tela, ba ka kawo nan ba?"

Duk abin da na yi kafin wannan lokacin, lalaci ne da girman kai da tsoro. Ana iya gyara shi da kalma uku. Na ga mai unguwa yana kallona, na tuna tsayuwata a masallaci, na tuna yadda labarin zai bi lungu kafin Magariba, cewa Tela ya hana malaminsa ruwa saboda kwata. Sai na ji bakina ya ce, "Na kawo. Ran Juma'a da yamma."

Mama ta ɗago ta dube ni. Na jira ta ƙaryata ni, na ma shirya abin da zan ce. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallona, ba da fushi ba, kamar mai neman wani abu a cikin kanta. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "To, wataƙila ya kawo na ajiye wani wuri. Kwanan nan kaina ya yi yawa."

Mai unguwa ya fara jan carbi. Daga cikin ɗaki Baba Tica ya yi wani sauti, Mama ta tashi ta shiga.

Asabar da safe suka tafi. An cire kujerar baya ta wata doguwar mota aka shimfiɗa katifa. Mu huɗu muka ɗauko shi, ni ina riƙe da kafaɗunsa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Da muka fito ƙofa ya gane abin da ake yi, sai ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kama ƙyauren. Sai da ɗansa ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana ba shi haƙuri. Mutanen lungu sun fito, maza da mata, wasu suna kuka. Mama ta bi kowa ta yi sallama. Da ta zo kaina ta ce in gaida matata, in ce mata ta bar mata duro biyu da baho. Ta ce in yafe mata ruwan kwata.

Matata ta dawo bayan kwana biyu ta tarar da gidan Mama a kulle. Ta yi kuka, ta tambaye ni yadda aka yi. Na ba ta labarin kamar yadda kowa ya san shi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin Mama ta manta ko allura ba. Na ce tsufa ne.

Wata bakwai Baba Tica ya yi a can. Bayan damina ɗan ya kira mai unguwa ya ce ya rasu, an kai shi ƙauyensu an binne. Ba a kawo shi Sakkwato ba, hanya ta yi nisa. Mai unguwa ya ba ni in sanar. Na miƙe bayan sallar Azahar na buɗe baki, sai murya ta ƙi fita. Wani ne ya faɗa a madadina. Mutane suka ɗauka son malamina ne ya yi mini yawa, wasu har suna dafa kafaɗata.

Matata na fara gaya wa gaskiyar. Ba ta zage ni ba. Ta ɗauko wayarta ta nemo lambar Mama ta ajiye a gabana ta shiga ɗaki. Sai da ta kwana biyu tana ajiye mini wayar a gabana kafin na kira.

Muryarta ta tsufa. Na yi mata gaisuwa, ta amsa, ta tambayi yara da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce ina da magana. Na faɗa mata duka, daga Juma'a har Alhamis, har bokitin da na mayar. Ban san yadda na jera ba.

Ta ce, "Ashe ban manta ba."

Na ce ba ki manta ba, Mama, ni ne ban kawo ba.

Sai ta ba ni labarin abin da ban sani ba. Ta ce kafin su tafi ta zazzage gidan kaf tana neman takardar, har cikin Littafinta mai tsarki, ba ta gani ba. Da suka isa can, ita da kanta ta miƙa wa matar ɗanta magungunan, ta ce ba ta yarda da kanta ba kuma. Aka ɗauko wata mata tana jinyar Baba Tica. Shi kuwa ba ya son hannun kowa sai nata, yakan rufe baki in wata ce ta kawo cokali. Ita tana zaune a gefe tana kallo, tana tsoron ta taɓa wani abu ta yi kuskure. Ta ce wata bakwai, in ta ajiye abu sai ta koma ta duba sau uku. Duk wannan ta faɗa ne a hankali, kamar labarin wata.

Na roƙe ta gafara. Ta ce ita ba ta riƙe ni ba, tsakanina da Allah ne, kuma wanda ya kamata in roƙa ba ya nan. Ta ce abu ɗaya take so. In kira ɗanta in gaya masa da bakina, yau, kada in ce gobe.

Na kira shi a ranar. Ya saurare ni bai katse ni ba. Da na kai ƙarshe ya tambaye ni ko na san cewa da na faɗi gaskiya ranar Alhamis ɗin nan, da ya saya musu tanki ya bar su. Na ce na sani. Ya ce to, ya ji. Ya ce zai je ya ba uwarsa haƙuri, don shi ma ya yi mata maganganu. Bai ce ya yafe ba, ni ma ban tambaya ba.

Washegari na je wurin mai unguwa. Ya ji ni har ƙarshe, bai dube ni ba, ya ce Allah ya shirye mu. Bai gaya wa kowa ba, iya sanina. Amma takarda ta gaba da ta zo, wani ya ba.

Na taɓa tambayar ɗan, bayan shekara, ko akwai abin da zan iya yi. Ya ce kabarin ƙanwarsa yana nan Sakkwato ba mai dubawa, in ciyawa ta rufe shi bayan damina uwarsu tana damuwa. Na nemi wani dattijo na cocinsu ya raka ni ya nuna mini. Ƙaramin kabari ne, simintinsa ya tsage. Dattijon ya nuna mini gefensa na dama, ya ce nan ne Baba Tica ya roƙa a bar masa, kuma sun bar masa shekaru da yawa. Ya ce da labarin rasuwar ya zo, aka san ba za a kawo shi ba, sai suka ba wani.